Doyar Shekara Uku a Takarda Ɗaya

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin haraji a Garki, kuma a tsawon wannan lokaci manomi ɗaya tak ya taɓa zuwa teburina da ƙafarsa ya ce a yanka masa haraji. Shi ɗin ma sanina ne ya kawo shi, kuma da hannuna na yi masa illar da har yau ban iya gyarawa ba.

Lokacin da aka turo ni Abuja daga Katsina, sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba. Gari sai cika yake yi. Man fetur na tsada a duniya, kuɗi na shigowa, duk inda ka juya tifa ce ɗauke da yashi, duk wanda ka gaisar ce maka zai yi yana bin wata kwangila. Ni kuwa albashina ko ɗakin direba a Garki ba zai kama mini ba. Wani masinja a ofishinmu ne ya tausaya mini, ya kai ni wani ƙauyen Gbagyi, wato Gwari, can bayan Zuba, ya haɗa ni da wani dattijo mai ɗakin haya. Na shiga da niyyar wata uku, na yi shekara huɗu, har aure na yi a ɗakin.

Baba muke ce masa, ni da matata. Kirista ne, amma duk azumi da hannunsa yake zaɓo mana doya ya ce ta buɗa-baki ce, kuma ranar da matata ta haihu shi ya fara zuwa ƙofa ya tambaya ko na yi wa yaron huɗuba, wai kada in manta don murna. Hausarsa irin ta mutanen wurin ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Ni yakan ce mini Malam, in kuma yana son tsokana sai ya ce Mai-haraji.

Gonarsa ta fara daga bayan gida ta gangara har rafi. Doya ce babba, sai dawa, sai mangwaro da lemo da ubansa ya dasa, waɗanda yakan loda wa 'yan Zuba in lokacinsu ya yi. 'Ya'yansa huɗu ya sa makaranta da wannan gona, ɗaya har jami'a. Ni mai digiri da kwat, sau nawa wata ya yi nisa na ci tuwon gidansa ina yi kamar ɗanɗana kawai nake yi. Ya fi ni samu nesa ba kusa ba, na kuma sani. Abin da ya riƙa ci mini rai shi ne, duk wata kafin albashina ya iso hannuna an riga an yanke haraji, shi kuwa babu wanda ya taɓa tambayarsa kwabo. Jami'in haraji ne ni, amma a gidan nan ni kaɗai nake biya.

Wata rana na kai wannan ƙorafi wajen ogana. Tsohon ma'aikaci ne ɗan Zariya, ya yi kwas a waje sau biyu, kuma ba ya bari a manta. Ya sauke tabarau ya dube ni kamar na tambaye shi dalilin da ya sa ruwa yake jiƙa mutum.

Ya ce, "Wa ya gaya maka doka ta yafe masa? Noma sana'a ce, ribarta akwai haraji kamar ribar mai shago. Mu ne dai ba ma zuwa. Ka ɗauki mota ka je, ka ƙone mai, ka yini, ka dawo da abin da bai kai kuɗin man ba. In ka je ma me za ka lissafa? Doyar da ya ci da iyalinsa, ko wadda ya ajiye ta iri, ko wadda ta ruɓe a rumbu? Kai albashinka bana da baɗi duk ɗaya ne. Shi bana ya cika rumbu, baɗi ruwa ya ɗauke da wuri ya tashi ba komai. Ka yanka masa na bana da nauyi, baɗi wa zai mayar masa?"

Daga nan ya shiga yawon duniya, kamar yadda ya saba. Ya ce a wata ƙasar ana barin manomi ya haɗa ribar shekaru ya raba daidai, don kada shekarar albarka ta jefa shi cikin haraji mai tsanani. A wata ba a tambayarsa littafi, faɗin gonarsa da irin shukarsa ake dubawa a kintata. A wata kuma gwamnatin tsakiya ta cire hannunta daga kuɗin noma gaba ɗaya. Mu nan, in ji shi, gatan da doka ta ba manomi shi ne in ya yi asara yana iya jan ta zuwa shekarun gaba ba iyaka yana cirewa daga riba, alhali ɗan kasuwa shekara huɗu kawai aka ba shi. Ya ƙara da cewa babu gwamnatin da ke son abinci ya yi tsada a birni, kuma babu ɗan siyasar da ya manta cewa a Arewa an taɓa cin zaɓe da alkawarin soke haraji da jangali.

Na ce, "To oga, wannan gata na asara, manomi nawa ne suka san da shi?"

Ya ce, "Masu akanta." Ya mayar da tabaransa, ya ce in kawo masa fayil ɗin da ya aike ni tun safe.

Bayan na samu gida a cikin gari na tashi, amma ban daina zuwa ƙauyen ba. Kowane zuwa sai na ga birni ya ƙara matsowa. Yau turaku masu jan fenti a bakin hanya, gobe wasu mutane da na'urar awo a kan ƙafa uku. A wannan yanki ƙasa duk ta gwamnatin tarayya ce, gonar gado ba ta da takarda, kuma Baba ya san haka sarai, ya ga yadda aka tashi ƙauyukan danginsa. Sai labari ya zo cewa an ware gefensu a matsayin filayen noma, za a ba da su haya ta dogon lokaci, kuma masu noma a wurin suna iya nema kamar kowa. Wannan ce damar da ba a taɓa ba shi ba, ya riƙe gonar ubansa da takarda. Ya sayi fom, ya biya mai awo ya zana masa taswira. Abu ɗaya ya rage, takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku da suka wuce, wadda ake kira kiliyarans.

Ya zo mini Garki ranar wata Talata, sanye da rigar da yake zuwa coci da ita. Ya zauna a bakin kujera, hula a gwiwa, yana kallon fankar sama.

Ya ce, "Malam, sun ce sai kiliyarans. Na ce ai ɗana yana can inda ake yinta. Gona nan shi ne komai nawa, ka sani."

Na ji daɗi da ya kira ni ɗansa, ba zan ɓoye ba. Shekara huɗu ina cin arzikinsa, yau ga shi a gabana, ni ne mai biro. Na yi masa bayani cewa tunda ba albashi yake ɗauka ba, sai a buɗe masa fayil, ya faɗi abin da ya samu kowace shekara bayan an cire abin da ya kashe, a yanka masa haraji a kai, ya biya a banki, sannan a ba shi takardar. Na jawo fom na ce, "To Baba, bara ƙwarya nawa ka sayar?" Ƙwarya ita ce doya ɗari, da ita ake ciniki.

Sai ya dubi sauran mutanen ofis ɗaya bayan ɗaya. Na san wannan kallo. A tsawon zamana da shi ban taɓa jin ya faɗi yawan doyarsa ba, ko ga matarsa. In ka tambaye shi yaya gona, amsa ɗaya ce, an ɗan samu na ci. Ya taɓa gaya mini cewa mutumin da ya ƙirga rumbunsa da baki a gaban jama'a ya gayyato wa kansa ido da masu roƙo. Ya kuma girma yana ganin lokacin harajin da, yadda ubansa kan kwashe rabin doya ya kai bukkar gona in an ji masu ƙidaya suna tafe. A wurinsa, mutumin gwamnati da biro in ya tambayi yawan amfaninka, amsa ta hankali ita ce kaɗan.

Ya sunkuyo ya ce, "Ba yawa. Ruwa bai yi kyau ba. Ka sa kaɗan, Malam."

Na san ƙarya ce, bara da idona na ga motar Kanawa ta yi lodi sau biyu a ƙofar gidansa. Amma ni ma abin da na saba ke nan. Duk wanda ya zauna a kujerar nan, mai shago ne ko mai gyaran mota, roƙonsa ɗaya, a rage. Taimako a wurinmu ma'anarsa ragi. Na ɗauki takardar nan tamkar tikitin shiga mota, a nuna a ƙofa a wuce. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa wani zai zauna ya karanta abin da ke cikinta ba.

Saboda haka na rubuta masa kuɗin shiga ɗan mitsitsi, wanda in aka cire rangwamen da doka ta ba mutum na kansa da na 'ya'ya babu abin da zai saura. A irin haka sai a biya mafi ƙarancin haraji, wanda a lokacin kwabo hamsin ne a kowace naira ɗari. Na shekara ukun gaba ɗaya bai kai kuɗin ƙwarya guda ba, bai ma yi kusa ba. Na ɗan bambanta lambobin shekarun don su yi kama da gaskiya. Oga ya sa hannu cikin tarin wasu fayiloli, bai ko ɗaga kai ba. Baba ya biya, ya karɓi takardarsa ya naɗe a leda, ya yi ta sa mini albarka har bakin titi. Da yamma na gaya wa matata, ina alfahari, cewa yau na rama wa Baba alheri.

Bayan kamar wata biyu ya dawo. Wannan karon bai sa rigar coci ba, kuma bai zauna ba.

Ya ce, "Malam, wani yaro a ofis na fili ya karanta takarda naka a gabana. Ya yi dariya. Ya ce, Baba, kai da kake samu wannan a shekara, me za ka yi da gona mai girma haka? Ya ce ko mai shara nasu ya fi ni. Na ce masa ni na koyar da yara huɗu. Ya ce takarda bai ce haka ba."

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Takardar shaidar haraji ba cewa kawai take yi an biya ba. Jadawali ne a jikinta, shekara uku a jere, kowace da kuɗin shigar mutum, da harajin da aka yanka, da wanda ya biya. Ni nake cike irin wannan jadawali kullum. Masu raba filin suna duba ko mai nema yana da ƙarfin da zai raya wurin, kuma Baba ba shi da asusun banki mai motsi, ba shi da rasit, ba shi da littafi. A duk fayil ɗinsa, wuri ɗaya ne tak aka faɗi abin da gonar take bayarwa, kuma ni na rubuta shi. Gwamnati ta ba da shaida da hatiminta cewa wannan mutum yana zaune a kan ƙasa mai faɗi yana fitar da abin da bai isa ciyar da akuya ba.

Na ruga wurin oga. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kai yaro ne? Ba ka ganin 'yan kwangila da masu neman takara suna zuwa da kansu su ce a ƙara musu? Kana tsammani son gwamnati ne ya kama su? Mai neman abu babba ba ya kawo takardar talaka. Ai sai ka tambaye shi me zai yi da ita."

Na san me zai yi da ita. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, ba jahilci ba ne, rashin tunani ne. Na ce ko akwai gyara. Ya ce doka ta yarda a sake yanka wa mutum ƙarin haraji in an gano ya samu fiye da abin da aka rubuta, amma yana son ganin wani abu a fayil da zai dogara da shi, don ba zai sa hannu a kan lamba ta biyu da ta fito daga iska kamar ta farko ba. Wannan magana ta shige ni.

Ranar Asabar na ɗauki Baba muka tafi Zuba neman shaida. Kasuwa ta cika, motocin lemo da ayaba sun jeru, ƙasa duk ɓawo. Muka sami dillalin da ya fi shekara ashirin yana karɓar mangwaronsa, wani Bakano mai fara'a. Ya rungume Baba, ya sa aka kawo mana ruwa. Da na ce muna son ya rubuta abin da ya saya a hannunsa shekara uku, ya sa hannu, sai fara'ar ta ragu. Ya tambayi inda za a kai takardar. Na gaya masa gaskiya.

Ya ce, "Haba Malam. Ni in rubuta da hannuna na sayi kayan kaza, in kai ofishin haraji? Gobe ai ni za ku biyo. Wallahi ina ƙaunar Baba, amma ka nemi wata hanya."

Ban ga laifinsa ba. Mai motar doya kuwa, da muka same shi a waya, ya ce shi bai san wani lissafi ba, ana lodi ana biya ana tafiya. Haka muka yini. Kowa ya san Baba babban manomi ne, babu wanda zai faɗa a rubuce, kuma duk tsoron ofishina suke ji.

A hanyar dawowa na tsayar da mota a gefen titi na ce masa, "Baba, babu kowa a nan sai ni da kai. Ka faɗa mini gaskiya, in rubuta, mu je ka yi rantsuwa a kotu a kai." Sai ya fara, shekara bayan shekara, ƙwarya kaza ya sayar, kaza ya ajiye na iri, buhun dawa kaza, lodin mangwaro kaza, abin da ya biya 'yan ƙwadago, abin da ya kashe a taki. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Har shekarar da tsutsa ta shiga doya ya yi asara ya faɗa, da yawan abin da ya zubar. Duk littafin yana kansa, ya fi na wasu kamfanonin da nake dubawa tsabta. Yana faɗa kamar wanda ake tuɓe wa riga a kasuwa. Na rubuta a bayan ambulan, na tara, na ga a shekara mai kyau ya ninka albashina sau uku.

Da takardar rantsuwa da wasiƙar mai unguwarsu oga ya yarda. Aka sake yanka masa haraji a kan gaskiya, da tarar jinkiri a kai. Kuɗin ya zo a mugun lokaci, ana dab da shuka, ya riga ya zuba abin hannunsa a ƙwadago. Na ba shi abin da nake da shi, bai kai ba. Ya sayar da rabin doyar irinsa ya cika. Ban hana shi ba, don na gaya wa kaina cewa gona ta fi iri. Kafin a gama zagayen teburori, a biya, a tabbatar da biyan, a buga sabuwar takarda, mako biyar sun wuce.

Tare muka kai ta ofishin filaye. Jami'in da muka samu mutum ne mai ladabi, ya ba Baba kujera. Ya ɗauko tsohuwar takarda daga fayil ya ajiye kusa da sabuwa. Suna ɗaya, shekaru ɗaya, ofishi ɗaya, lambobi kuwa kamar na mutum biyu. Ya ce mini a hankali, da Turanci don kada Baba ya ji, cewa in ya tura wannan sama za a ce ɗaya ta bogi ce, kuma ni za a fara nema. Ya ce ko ba haka ba ma, kwamiti ya riga ya zauna a kan wannan yanki tun makon jiya. Da na juya, na ga Baba yana kallon bakina. Bai ji Turancin ba, amma bai tambaye ni abin da aka ce ba.

Wani kamfanin noma aka ba wa, gonar Baba da na maƙwabtansa biyar a haɗe. Fayil ɗin kamfanin yana hawa na sama a gininmu, wani abokina ya bar ni na leƙa. Littattafai ne masu kyau, akanta ya sa hannu a kowace shekara, jari mai yawa, taraktoci, injin ban-ruwa, bashin banki. Shekara biyar a jere suna rubuta asara, suna jan ta gaba. Kamfanin noma kuma doka ta ɗauke masa ko mafi ƙarancin harajin nan da ake bin sauran kamfanoni in ba su ci riba ba. Takardar shaidarsu fes take, harajin riba babu ko kwabo, kuma babu inda suka taka doka. Na bincika da mugun nufi, ina neman abin da zan kama, ban samu ba. Duk gatan da aka tanada saboda ruwan sama da tsutsa da fari, wanda aka yi don mutum irin Baba, ga shi nan an yi amfani da shi sarai, a hannun mutanen da ban tabbata sun taɓa riƙe fartanya ba.

Ba na cewa da na rubuta gaskiya tun farko da lalle ya samu. Wataƙila da sun sami wani dalilin. Matata ta sha gaya mini haka, oga ma ya faɗa, wai in daina ɗora wa kaina abin da ya fi ƙarfina. Amma cikin su shidan, mutum ɗaya an yanka masa wani yanki a gefe an bar masa, shi ne wanda ɗansa ma'aikacin banki ya cike masa takardu da lambobi masu nauyi. Saboda haka ƙofar ba a rufe take gaba ɗaya ba. Wannan sanin shi ne ya hana ni sakat.

An biya Baba diyyar amfanin da ke ƙasa da itatuwa, bisa farashin da gwamnati ta tsara. Ƙasar kanta ba a biyan ta, tunda a doka ba tasa ba ce. Aka bar su suka haƙe doyar shekarar, wadda dama rabi ce saboda irin da ya sayar, sannan aka ja waya aka kafa ƙofa. Mangwaron ubansa aka bari a ciki, wai suna ba da inuwa. Na je sau biyu bayan haka. Ya karɓe ni kamar kullum, ya tambayi yara da sunansu, bai taɓa ce mini kai ka jawo ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Daga baya na riƙa samun uzuri, aiki ya yi yawa, hanya ta lalace, har zuwan ya yanke. Kunya ce, ba wani abu ba.

Shekara biyu bayan haka aka mayar da ni sashen harajin albashi. A farkon kowace shekara masu ɗaukar ma'aikata sukan kawo jerin sunayen mutanensu, da abin da aka biya kowa, da harajin da aka cire masa. Aikina in bi layi layi in tabbatar lissafi ya yi daidai. Wata safiya jerin kamfanin nan ya faɗo teburina. Manaja, akanta, direbobi biyu, sai masu gadi. A layi na biyun ƙarshe na ga sunan Baba, cikakke, kamar yadda na taɓa rubuta shi da hannuna. An ɗauke shi gadin ƙofar gonar.

Albashin ɗan kaɗan ne, bai kai abin da lodin mota ɗaya yake kawo masa a da ba. Amma ya fi lambar da na fara rubuta masa, ya ninka ta. Duk wanda ya ɗauki fayilolinmu ya karanta zai ce ga wani talakan manomi da zuwan kamfani ya ɗaga. Kowane wata kuma an cire masa haraji kafin kuɗin ya iso hannunsa, wata goma sha biyu cif, ba ruwan kowa da ko an yi ruwa ko ba a yi ba.

Na jawo kalkuleta na bi layinsa sau uku. Ina neman kuskure, ko na naira goma ne, wani rangwame da aka manta, wani abu da zan rubuta a ce a mayar masa, in sami dalilin da zan shiga mota in je in ce Baba ga haƙƙinka. Akantansu ya iya aiki. Babu kwabon da ya wuce, babu wanda ya ragu. Na sa hannu a ƙasan shafin, na buga hatimi, masinja ya zo ya ɗauka.